Yadda za ka sa inji ya gan ka, mutum kuma ya kira ka

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka rubuta sunanka daidai ko ka sa lambar wayar da ke aiki ba. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a mararrabar Takieta da ambulan a hammata, yana jiran motar da za ta kai shi Damagaram kafin a tashi daga aiki, ya wuce wannan aji. Ni ma bana na aika dosiye wurare da dama, shirun da ya biyo baya har yanzu yana min ciwo. Don haka mu tafi kai tsaye ga layuka uku ko huɗun nan na saman takardar CV, waɗanda ake sa wa kan magana Profil.

Na ɗaya: ka san mai karanta ka. Manyan ƙungiyoyin waje ba su karɓar ambulan yanzu. Suna tura ka wani shafi, irin su Workday ko Taleo, ka loda takardarka. Manhajar tana kwashe rubutun, ta zuba shi gida-gida: suna, karatu, wuraren aiki. Daga nan jami'in ɗaukar ma'aikata, da ɗaruruwan takardu a gabansa, ya rubuta kalma biyu ko uku daga sanarwar ya ce a fito masa da masu su. Galibi injin ba ya korar kowa da kansa, sai a tambayoyin i ko a'a, kamar ko kana da lasisin tuƙa babur. Abin da yake yi shi ne ya bar ka a ƙasan tari inda ido ba ya kaiwa.

Na biyu: ka ɗauki sanarwar da biro, ka ja layi ƙarƙashin abin da aka maimaita. A ce wani furoje na farfaɗo da ƙasa yana neman mai wayar da kan manoma. Sunan aikin shi ne « animateur de terrain », kuma cikin sharuɗɗa za ka ga « régénération naturelle assistée (RNA) », « demi-lunes » da « KoboCollect ». Kai kuwa shekara uku ka yi kana wannan aiki. Ka zaga gonakin Tirmini kana nuna yadda ake barin tohon gawo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran. Ka haƙa rabin wata har hannunka ya yi kanta. Amma a takardarka ka rubuta cewa ka taimaka wa manoma su kula da itatuwa. Gaskiya ce tsantsa, sai dai wanda ya nemi RNA ba zai same ka ba, alhali mu a nan muka gaji aikin. Kurmin Takieta, mai faɗin hekta dubu shida da ɗari bakwai da ɗoriya, tun shekarun 1990 mutanen ƙauyukan kewaye suka shiga kula da shi tare da SOS Sahel. A ce ɗan wannan ƙasa ya faɗi a kan maganar itace saboda haruffa uku!

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cina. Wa ya koya mana « jeune dynamique, motivé et rigoureux »? Duk shagon buga takardu da ka shiga, kwafin nan guda ne a cikin na'ura, sai a goge sunan wanda ya riga ka a sa naka. Ɗan Garagumsa mai kuzari ne, ɗan Dakusa mai kuzari ne, wanda ya baro jami'ar André Salifou jiya da wanda ya yi shekara goma a daji duk kuzarinsu ɗaya. Babu jami'in da ya taɓa zama gaban na'ura ya nemi mai kuzari. Layi mafi tsada a takardar, wanda ido ke fara sauka a kai, mun ba da shi kyauta ga kalmomin da ba su raba kowa da kowa. Kuma ka biya kuɗin bugawa, bayan kuɗin tambarin magajin gari a kan kowane kwafi, bayan katin ANPE, bayan takardar shaidar rashin laifi wadda ba a karɓa in ta wuce wata uku. Takan mutu a aljihunka kana jiran amsa, ka sake shiga mota ka nemo wata, kamar a tsakanin nan ka samu sukunin aikata wani laifi.

Ina muka tsaya? Ga yadda layukan za su kasance, in abin da ke ciki ka yi shi da gaske:

```
Animateur de terrain, 3 ans à Takiéta et Tirmini.
Formation de 12 groupements en régénération
naturelle assistée (RNA) et demi-lunes.
Collecte de données sur KoboCollect.
```

Duba abin da ya faru. Sunan aikin ya zo farko, yadda sanarwa ta rubuta shi. An sa dogon suna da gajerensa tare, don ba ka san wanne za a nema ba. Kowace kalmar da aka aro kuma an ɗaure ta da wani abu da za a iya bincika: gari, shekaru, yawan ƙungiyoyi. Kalmar ta injin ce, garin da adadin na mutum ne. In ka jera kalmomi goma sha biyar da waƙafi tsakaninsu ba aiki ba wuri, injin zai fito da kai, jami'in da ke karantawa kuma zai gane sanarwarsa ce ka mayar masa. Huɗu ko biyar sun isa, sannan ka sake ambaton su a ƙasa, ƙarƙashin wurin da ka yi aikin.

Wani zai ba ka shawara ka kwafe sanarwar duka ka liƙa da farin rubutu don kada ido ya gani. Kada ka yi. Manhajar tana tuɓe launi, komai ya fito baƙi a gaban jami'in. Haka nan kada ka sa KoboCollect don kawai ka gan shi a sanarwa. Ranar ganawa waya za a miƙo maka a ce buɗe fom ka cika, ka aika.

Na nawa ne yanzu, bar shi. Wannan ita ce ta fi ƙona min rai. Ka gyara kalmominka tsaf, ka buga a takarda, ka sa hannu, sannan ka ɗauki hotonta da waya ka mai da shi PDF. Ga idonka rubutu ne. Ga manhajoji da yawa hoto ne kawai, ba harafi ko ɗaya, duk wahalar nan ta tafi a banza. Gwajin ba ya cin minti guda: buɗe fayil ɗin a na'ura, danna Ctrl+F, rubuta RNA. In bai samo ba, koma Word ka fitar da PDF daga can. Sannan ka danna Ctrl+A, ka kwafe, ka zuba a Bloc-notes. Yadda ya fito a nan, kusan haka injin zai gan ka. In ka yi ado da ginshiƙi biyu da akwatuna, za ka tarar lambar wayarka ta faɗa tsakiyar difulomarka. Mai shago zai ce wancan ya fi kyau. Ka ce masa ginshiƙi ɗaya kake so, sunanka kuma a jikin shafi.

Kowace sanarwa da nata Profil, ba makawa. Wani furojen zai kira aikin nan « agent de terrain », sai ka sauya layin farko. Na san wuta takan ɗauke, rezo ya gudu ana saura kaɗan lodi ya cika, ga wa'adi ƙarfe biyar na yamma. Shi ya sa nake ajiye fayil ɗin Word a waya, in gyara layuka huɗun tun da dare. In ta imel ake aikawa, ka kwafe lambar sanarwar harafi da harafi a kan saƙon, domin da ita ake rarraba takardu tun kafin a buɗe su.

Ku kuma masu ɗaukar aiki, don Allah, wanda ya yi duk wannan ya cancanci layi ɗaya na amsa, ko da a'a ce.