Ire-iren Masu Sa Hannu a Taron Bita

A taron bita na kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a, akan yi zama biyu kullum, na safe da na bayan Azahar, jimilla goma ke nan. Kowane zama da takardar halartarsa, inda ake rubuta suna da ma'aikata da lambar waya, a sa hannu. Idan an kafa ƙa'idar halartar kashi 80 cikin ɗari, sai mai sa hannu takwas ya cancanci satifiket. Da wannan takarda kuma akawu ke biyan alawus da kuɗin mota, shi ya sa ta fi malamin bita farin jini.

Na farko a masu hulɗa da ita shi ne ɗan sammako. Yakan riga kowa sa hannu, ya ajiye jakar taro a kan kujera ta yi masa gadi, ya ce zai je banki ya dawo. Jakar kan halarci zama goma cur. Maganinsa shi ne a riƙe takarda sai ƙarshen zama, amma ya san lokacin shan shayi, kuma da kofi a hannu yake lallashin mai rajista.

Sai wakili, mai sa wa mutanen ofishinsu hannu saboda zumunci. Gane aikinsa ba wuya: sunaye huɗu a jere, biro ɗaya, rubutu mai karkata gefe ɗaya. Da rana sai takarda ta nuna mutum arba'in, kujeru su nuna ashirin da bakwai, abinci kuwa na arba'in ya ƙare tas. Yallaɓai ba ya bukatar wakili, takardar ce ke bin sa har mota.

Wanda ya fi kowa sanin kan abin shi ne ɗan buɗewa da rufewa. Yana nan safiyar Litinin, ya karɓi jaka da biro, ba a sake jin ɗuriyarsa sai ranar Juma'a, cikin babbar riga, a sahun gaba na hoto. Sa hannunsa biyu, wato kashi 20, amma satifiket ɗinsa na nan da sunansa ba kuskure. Dalili kuwa, mai buga takardu na son sunaye tun Laraba don shugaban taro ya samu sa hannu, sunayen da ke shirye a lokacin kuma na ranar farko ne.

Wannan tsari shi ke haifar da na ƙarshe, wato mai tsautsayi. Wasiƙar gayyata ta iske shi a makare, ya iso Talata da safe, bai tsallake zama ko ɗaya ba. Sa hannunsa takwas cif, ya cika ƙa'ida, sai dai sunansa bai je wurin mai bugawa ba. Akan ba shi aron satifiket ɗin wani ya riƙe a ɗauki hoto, a karɓi lambar wayarsa, a ce za a aiko masa.