Likita na Zaune, Mu Muna Gaisuwa

Mu Hausawan Agege, a ba mu lasifika a ce mu gabatar da baƙo, to an ba mu sarauta. Ka je Abbatuwa ta Oko-Oba ranar da aka gayyato likita ya yi wa mahauta da 'yan ɗauko da masu wankin kayan ciki bayani, za ka ga abin da nake nufi. An ce minti arba'in bayan azahar, lokacin da yanka ya lafa. Mai gabatarwa zai fara da Mai Martaba Sarkin Hausawa, ko da yana gida yana hutawa, ya gangaro kan Sarkin Fawa, shugabannin dillalai, limamai, iyayenmu mata masu abinci. Idan wani Alhaji ya shigo a makare, sai a koma farko domin kada ya ji an tsallake shi. Kafin a zo kan likita rabin lokaci ya tafi, kwastomomin Ikeja sun fara kiran waya, 'yan bayan layi sun sulale.

Sannan kirari. Likitan likitoci, wanda ya sha karatu har ya gaji, da ganinsa cuta ke gudu. Bawan Allah yana zaune yana murmushin da bai san dalilinsa ba, don galibi Bayarabe ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu, Alhaji" ba. Har aka gama, ba wanda ya faɗi abin da kowa ke son ji: wane irin likita ne?

A Abbatuwa wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Likitan da mahauci ya sani shi ne na dabbobi, wanda ke tsaga huhun sa, in ya ga ƙullutun tarin fuka ya hana sayarwa, jari ya tafi. Saboda haka da an ce "likita ya zo", mutum zai ja bakinsa ya tsuke. Mai ƙurji a hannu zai tura shi aljihu. In mai gabatarwa bai ce wannan na mutane ne, ba ruwansa da namanku ba, likita zai yi ta tambaya "akwai mai zazzaɓi?" shiru kamar malam ya ci shirwa.

Abu na biyu da muke lalatawa shi ne mu shiga aikin likitan. A Yulin 2023 aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja, bayan gwamnatin tarayya ta riga ta ja kunne kan cin ganda. Tun daga lokacin kowane mai gabatarwa ya zama masani: zai faɗi alamomi, ya haɗa da maganin da kakansa ke yi, likita ya tashi ya fara da warware abin da aka ƙulla. Alhali abin da ya kamata ya fito daga bakin likita kaɗan ne kuma mai nauyi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a taɓa ta. A jikin mutum kuwa ƙurji ne mai ƙaiƙayi da ke zama gyambo mai baƙin tsakiya, kuma rashin zafinsa ne ke yaudarar mutane. Ga bakkale, mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da gumin dare da ciwon gaɓoɓi; mu kuma mu yi ta shan maganin maleriya da taifot, alhali nasa maganin sai an yi mako shida ana sha.

Akwai wani dattijon mahauci da ya iya abin, minti biyu ya isa shi. Sallama, gaisuwa ɗaya ga iyaye da shugabanni a dunƙule, sai ya ce: "Jama'a, wannan likitan mutane ne, ba na shanu ba. Asibitin gwamnati yake aiki, ya saba duba masu aiki da jini da wuƙa. Zai yi magana kan ciwon da ake ɗauka wajen fiɗa, da allurar da ake yi in ƙarfe ya yanke ka. Turanci zai yi, ga ɗanmu nan zai fassara. Ba a rubuta sunan kowa. Wanda tambayarsa ta sirri ce, likita zai zauna a ofishin ƙungiya bayan an tashi, mata kuma su ne farko. Likita, bismillah."

Wani Alhaji ya yi ƙorafi daga baya cewa ba a ambaci sunansa ba, har da aike. Dattijon ya ce a gaya masa ya yi haƙuri, ranar walimar 'yarsa zai ambace shi sau bakwai, amma ya fara zuwa a duba masa hawan jinin nan tukuna.