Neman Taurari a Shagon Tela

Abin da 'yan kasuwar zamani ke kira neman sharhi roƙo ne da mai sana'a ke yi wa wanda ya taɓa hulɗa da shi, cewa ya bayyana ra'ayinsa a ƙarƙashin sunan shagon a taswirar Google, ya kuma ba da maki da taurari, daga ɗaya, wato ƙarshen lalacewa, zuwa biyar, wato ƙololuwar gamsuwa. A Lafia, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, ta kuma samu jami'ar tarayya a 2011, baƙin ma'aikata da ɗalibai kan tambayi waya kafin su tambayi maƙwabci, shi ya sa mai wannan rubutu, wanda tela ne a Bukan Sidi, ya ƙudurta cewa sharhi huɗu da shagonsa ke da su, dukkansu masu taurari biyar, sun yi kaɗan ga mutum mai keke uku da almajiran ɗinki biyu.

Saƙon da ya tsara bai rasa ladabi ba, ladabin ma shi ne ya yi masa yawa. Ya buɗe da sallama, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da zafin gari, sai a layi na tara ya rubuta: "Muna roƙon alfarma ku latsa nan, ku faɗi yadda kuka samu aikinmu a Lafia, ku ba mu tauraro." Ya tura ta jerin watsawa na WhatsApp, wato hanyar aika saƙo guda ga mutane har 256 a lokaci ɗaya, wadda ba ta isar da shi sai ga waɗanda suka adana lambar mai aikawa. Bai lura ba cewa masu adana lambar tela iri biyu ne, 'yan uwa da kuma masu bin sa kaya.

Mafi yawan waɗanda suka amsa sun rubuta "lafiya lau", suka ci gaba da harkarsu, domin gaisuwa suka gani, ita suka mayar. Wasu sun ƙi latsa komai, bisa hujja mai ƙarfi cewa haka 'yan damfara ke farawa. Mutum biyu kaɗai suka kai ga taurarin.

Ta farko wata Hajiya ce daga Tudun Gwandara, wadda atamfarta ke cikin buhun shagon tun ƙaramar Sallah, wadda kuma, bisa dukkan alamu, ta riga ta yafe ta manta kafin saƙon ya tuna mata. Ta ba da tauraro ɗaya tare da tarihin atamfar, har da ranakun alkawari guda huɗu. Darasin ilimi a nan shi ne ana tace littafin awo kafin a tura roƙo, a kuma tura shi kwana ɗaya ko biyu bayan karɓar kaya, lokacin da guga ba ta kwanta ba.

Na biyu ya fi cancantar nazari, domin kawun telan ne, tsohon malamin firamare mai zama a hanyar Shendam, wanda ya shafe rayuwarsa yana rubuta "na ɗaya" a katin yaron da ya fi kowa ƙwazo. Ya danna tauraro ɗaya, ya rubuta a ƙasa cewa duk Lafia babu kamar wannan yaro. Laifin na saƙon ne, wanda ya ce "tauraro" bai bayyana cewa biyar ne mafi girma ba.

Lissafin ba ya da tausayi. Maki 20 da aka raba wa mutum huɗu ya zama 22 a kan mutum shida, wato 3.7, kuma kafin shagon ya koma ko da 4.5 sai an samu sababbin mutum goma a jere, kowanne da taurari biyar. Mai shago ba ya da ikon goge sharhi, iyakarsa ya ba da amsa ko ya kai ƙara idan an saɓa ƙa'ida, kuma ƙa'idar Google ta hana sayen sharhi da ragi ko kyauta, abin da ya kashe dabarar ɗinka hula kyauta tun kafin a yanka yadi. Wanda ya rubuta ne kaɗai ke iya gyarawa.

Don haka telan ya kammala atamfar Hajiya cikin dare guda, ta karɓa ta yi godiya, ba ta taɓa sharhinta ba. Sannan ya sayi goro, ya hau acaɓa, ya durƙusa gaban kawunsa ya ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma, a wannan makarantar na biyar ne ke ɗaukar kyauta, ku taimaka ku ƙara." Dattijon ya sa tabarau, ya daɗe yana duban wayar, ya ce bai taɓa jin makaranta mai irin wannan tsari ba, amma tunda ɗan ƙanwarsa ne, zai ƙara. Ya mayar da shi biyu, ya kuma gargaɗe shi game da kwaɗayi. Makin shagon a yau 3.8 ne.