Yadda Ake Neman Ƙarin Lokaci Wajen Oga Ba Tare da An Ci Kwiri Ba

Ga saƙon da wani bawan Allah ya shirya aika wa manajansa ta imel: "Rahoton nan ba zai samu ranar Alhamis ba." Iyakarsa ke nan. Babu sallama, babu dalili, babu ranar da zai samu. Duk wanda ya karanta zai rantse shugaban kamfani ne ke sanar da masinja hukuncin da ya yanke. In kai ma irinsa ke gabanka yanzu, ɗauke hannunka daga kan Send mu yi magana. Magana zarar bunu ce, ta imel ma ta fi, domin Gmail daƙiƙa 5 yake ba ka ka janye saƙo da Undo, in ka shiga saiti ka ƙara ma ba ya wuce 30.

Abin da mutanenmu suka saba yi idan aka ce musu saƙo ya yi tsauri shi ne su antaya masa gaisuwa. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali, ya Hajiya da yara, ya aka ji da zafin nan, Allah ya ƙara girma, Allah ya kai mu ranar da za ka zama babban darakta. Oga yana karantawa a waya tsakanin taro da taro, ya kai layi na tara bai ga inda aka dosa ba, sai ya fara zaton rancen kuɗi za ka nema. Gaisuwar imel layi ɗaya ce. Sauran ka adana sai kun haɗu a masallacin ofis.

Girmamawar da manaja ke nema ita ce ka bar masa hukuncin a hannunsa, ka kuma ba shi abin da zai yanke hukuncin da shi. Mu ɗauka rahoton kashe kuɗi ne na watan Yuli zuwa Satumba, rassa biyar ke aiko maka da lissafi, huɗu sun aiko, na Gusau ya ce sai Laraba da yamma. Yau Talata. To yau ɗin za ka rubuta. Wanda ya nemi ƙarin lokaci kwana biyu kafin wa'adi, roƙo ya yi. Wanda ya bari sai Alhamis ƙarfe huɗu saura minti biyar, ta'aziyya ya aiko.

Sai ka zauna ka yi lissafin ranar da za ka nema, domin a nan ne mafi yawan masu roƙo ke kashe kansu. Kunya takan sa mutum ya ce "kwana ɗaya kacal", alhali ya san daidaita rasit da takardar banki na reshe guda zai ci masa kwana biyu cur. Lissafi ya iso Laraba da yamma, Alhamis ka yi aiki, Juma'a kuwa kowa ya san rabin rana ce, ana sakkowa daga masallaci ofis ya zama kango. Saboda haka Litinin ƙarfe 12 na rana ita ce gaskiyarka, ita za ka rubuta. Ƙarin lokaci na farko ana ba da shi da murmushi, na biyu kuwa shi ke shiga fayil ɗinka. Kuma ka faɗi rana da ƙarfe. "Kwanan nan", "mako mai zuwa" da "da zarar na kammala" ba su cikin kalanda. In sha Allahu tana da gurbinta, bayan ka ambaci ranar. Kada ka tura ta ta tsaya a madadin ranar.

Dalili ɗaya ya isa, kuma ya zama na gaskiya. Idan ka jera an ɗauke wuta, data ta ƙare, kwamfuta ta ƙi tashi, ga kuma rasuwa a ƙauye, oga ba zai yarda da ko ɗaya ba, musamman in ya tuna kakar nan taka ta riga ta rasu bara. Kada kuma ka kama sunan akawun Gusau ka ɗora masa. Ka ce lissafin reshen bai iso ba. Oga ya san mai reshen, kai kuma gobe wajen mutumin nan za ka koma neman rasit.

Ga yadda saƙon nan mai layi ɗaya da muka fara da shi zai koma. A gurbin Subject ka sa: Neman ƙarin lokaci kan rahoton Yuli zuwa Satumba.

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da aiki.

Ina roƙon a ƙara mini lokacin miƙa rahoton kashe kuɗi daga ranar Alhamis zuwa Litinin ƙarfe 12 na rana. Lissafin reshen Gusau sai Laraba da yamma zai iso, kuma ina buƙatar kwana biyu in daidaita shi da takardar banki.

Na kammala na sauran rassa huɗu, ga shi na haɗo da wannan saƙo. Idan akwai buƙatar a ga wani abu ranar Alhamis, zan iya miƙa rahoton a haka, na Gusau ya biyo baya. Duk wanda ka ga ya fi dacewa shi zan yi.

A yi haƙuri da jinkirin. Na gode."

In manajar mace ce, ranki ya daɗe za ka ce, ka kuma bi saƙon ka mayar da "ka ga" ya zama "kika ga", kada ka yi wa Hajiya rawani. Ban haƙuri sau ɗaya ne. In ya kai uku sai a fara binciken me ka aikata. Ka tabbata kuma ka haɗo abin da ka ce ka haɗo, don babu abin da ke zubar da mutuncin roƙo irin saƙo na biyu mai cewa "yallaɓai, na manta fayil ɗin". Gurbin CC ka bar shi fayau. Sanya ogan oga a ciki ƙara ce ka kai, ko da ba ka nufa ba.

Akwai wa'adin da duk daɗin bakinka ba zai motsa shi ba, saboda ba oga ne ya sa shi ba. Bayanan harajin VAT a Najeriya zuwa 21 ga watan da ke biye ake miƙa su, harajin albashin ma'aikata kuma zuwa 10 ga wata, in an wuce tara ce ke jiran kamfani. Haka ranar rufe karɓar takardun neman kwangila. A irin wannan, abin da za ka roƙa shi ne a ba ka mutum ya kama maka, ko a ɗauke maka wani aikin. Don haka kafin ka rubuta, ka ɗan bincika me ya sa aka ce Alhamis. In taron manajoji ne ranar Juma'a da safe, Litinin ɗinka ba ta da amfani, sai ka tsaya kan miƙa na rassa huɗun.

Ka aika, oga ya yi shiru? Shirun ba amincewa ba ce, wannan ba neman aure ba ne. Har yanzu Alhamis tana nan daram. In Laraba ta yi rana ba amsa, tashi ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka ce yallaɓai ko an ga saƙona. In ya ce "ba komai, kawo Litinin" yana laluben makullin mota, koma teburinka ka aika masa layi biyu: ka gode, ka maimaita Litinin ƙarfe 12. Manya na da yawan mantuwa ranar da aka matsa musu daga sama.

Ranar Litinin kuma, malam, ka miƙa shi ƙarfe 11.