Ranar da Magariba ta Faɗi da Ƙarfe Huɗu

A daren Juma'a, 28 ga Fabrairun 2025, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya sanar da ganin wata, ni kuwa ina zaune a wani shagon buga takardu a cikin garin Daura, a bayan yaro mai kwamfuta, ina ba da umarni. Ni ne sakataren matasan masallacin unguwarmu, kuma ni na yi bakam a taro har aka ɗora mini aikin jadawalin azumi. Ba mu buga da wuri ba, don sai an ga wata ake sanin ranar da za ta zauna a layin farko. Aka yi sa'a 1 ga Ramadan 1446 ta dace da Asabar 1 ga Maris, kwanan wata biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa.

Lissafin kam ba shi da aibu. Na Daura ne, ban kwafo na Legas ko Sakkwato ba, domin kowane digiri ɗaya na gabas ko yamma minti huɗu ne, kuma Sakkwato tana yamma da mu da wajen digiri uku. Layin ranar farko ya ce Alfijir 5:32, Fitowar Rana 6:43, Azahar 12:39, La'asar 4:00, Magariba 6:36, Isha 7:43. Takarda A3, layi talatin, kowane layi na biyu an shafa masa ruwan toka-toka don kada ido ya zame zuwa na gobe. Na sa aka yi wa kalmar MAGARIBA jan fenti da manyan baƙaƙe, aka ƙara BUƊA BAKI a ƙasanta, yadda tsoho zai karanta daga bakin alwala. A gefen dama hoton dabino da tallan shagon Alhajin da ya biya kuɗin bugu.

Muna shirin bugawa Na'ibi ya kira ni a waya, wai a sa Imsaki, minti goma kafin Alfijir, don masu cin tuwo har bakin kiran Assalatu. Yaron ya buɗe Excel ya ƙara, ya kwaso lambobin ya zuba a CorelDRAW. To ashe sunayen sallolin ba a cikin jadawalin suke ba, rubutu ne daban da ya jera a sama da hannu. Sabon gida ya shigo daga hagu ya ture kowa zuwa dama, sunaye suka tsaya inda suke, lokutan Isha na gaskiya suka shige ƙarƙashin hoton dabino suka ɓace. Daga nesa komai daidai, gida shida, suna shida. Muka yaba kyan launi, na liƙa a ƙofar masallaci da sitati, sauran na raba wa masu zuwa Sandamu da Mai'adua da Zango.

Washegari, ƙarfe huɗu saura minti goma, rana tana dukan ƙeya, na iso masallaci cikin sabuwar shadda. Na tarar da taro a gaban fostar. Na rage tafiya don a samu damar gane ni.

A sahun gaba akwai yara, irin waɗanda bana ne azuminsu na fari, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Kowanne yana riƙe da ledar ruwan sanyi. Ɗaya har ya kafa haƙori a kusurwar tasa, bai dai huda ba. Babbansu ya ɗora yatsa a kan jan rubutuna, ya gangaro da shi a hankali, ya ɗaga murya yadda ake biya allo:

"Buɗa baki, ƙarfe huɗu daidai!"

Sannan ya waiwaya ya ce da Ladan, wanda ke gyara lasifika don kiran La'asar, "Baba, don Allah a yi sauri."

Har yanzu in na rufe ido yatsan nan nake gani. Yatsa ne mai farce cike da ƙasa, ya tashi daga M ɗin Magariba, ya ratsa BUƊA BAKI, ya sauka a kan 4:00. Na bi shi da ido ina addu'ar ya karkace. Bai karkace ba, domin ni da kaina na tsaya a kan yaron shago sai da layukan suka miƙe sambal. Duk dabarar da na yi don a karanta da sauƙi ta yi aiki: babu wanda ya kasa karantawa, har mai hakiya.

Liman ya fito, ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin rawani. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini. Ya fara daga hagu, a natse. "Azahar, bakwai saura na safe." Ya yi shiru. "La'asar, goma sha biyu da talatin da tara." Wani ya yi tari. "Isha, shida da rabi, ga rana ba ta gama faɗuwa ba." Sai ya sunkuya can ƙasa, inda na sa aka rubuta wanda ya tsara, ya karanta sunana da na mahaifina, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, a wace mazhabar?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, gida ne ya matsa."

"Gidan wa?"

Abin takaicin, karanta layi ɗaya a bayyane, suna da lokacinsa, ya isa ya tona asirin tun a shago. A Daura cikin Maris Magariba kusan ba ta motsi, daga 6:36 zuwa 6:38 duk watan, Alfijir ne ke ja baya da kusan minti goma sha takwas. Duk gidan da bai fara da shida ba, ba na shan ruwa ba ne.

A nan ne mai wankin hula na jikin katangar masallaci ya ajiye buroshi ya taso, yana share kumfa a riga. Ya daɗe yana nazarin takardar, hannu a baya.

"Malam Sakatare, kada ka yage. Asarar kuɗin Alhaji ce. Samo biro ka rubuta a sama: agogon Makka."

Na ce ban gane ba.

"Makka ta riga mu da awa biyu, ko ba haka ba? Huɗu a nan, shida a can. Ka ce don mu riƙa taya masu Umara murna ne."

Wani malamin makaranta ya ce ai a Makka ma yanzu sai wajen shida da minti ashirin da biyar rana ke faɗuwa. Mai wankin hula bai ji ko ɗar ba. Ya ce to a ɗaga fostar sama, kusa da indararo, inda ido ba ya kaiwa, albarkarta dai ta riƙa sauka. Da aka ƙi wannan, ya ce a liƙa ta a karkace, ƙila in mutum ya karanta a gicciye lokutan su koma gidajensu. Ya ma kama kan wani yaro ya karkata shi don gwaji.

Ina cikin kankare sitati da makullin babur wayata ta yi ƙara. Mutumin Zango ne, bakinsa cike, yana tambaya ko akwai sauran fostar, wai mutanen garinsu sun yaba ƙwarai.