Kwando Huɗu na Hajiya

Yayana yana noman rani a wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shiga gonaki. Duk shekara idan sanyi ya kankama, tumatir ya cika kasuwa, sai ya kwashi nasa zuwa Kwanar Gafan ya sayar yadda dillali ya ga dama. Ni kuwa ina zaune a birni da waya a hannu da ɗan bokon da ya hana ni zama lafiya, sai na ce masa: "Yaya, bar ni in kai wa mutane har ƙofar gida, mu ci ribar da kanmu."

A daren na rubuta sanarwa, na tura wa mutanen unguwa ta WhatsApp: "Kayan miya daga gona zuwa gidanki. Tumatir kwando ₦2,500, attaruhu kwano ₦1,500, albasa kwano ₦1,000. Aiko da abin da kike so, ki tura kuɗi, ki faɗi unguwa, mu kawo ranar Asabar." Na karanta ta sau uku, na yaba wa kaina.

Lissafina ba laifi. Babban kwandon da manoma ke lodawa a mota, Yaya ya bar mini shi a ₦9,000. Idan na juye shi a ƙananan kwandunan roba irin na cefane, yana ba da shida. Shida sau ₦2,500 ya kama ₦15,000, saura ₦6,000 kafin a cire kuɗin mota. Ƙaramin kwandon nan nake nufi a raina, amma ran nawa ba ya cikin sanarwar.

Wata Hajiya ta bayan layinmu ta turo ₦10,000, ta ce kwando huɗu, bikin 'yarta za a yi. Har na ce wa uwargida ta ga abin arziki. Ta dube ni ta ce, "Maigida, biki da ƙananan kwanduna huɗu?" Na ce ƙila bikin 'yan gayu ne, ba sa cin miya sosai.

Ranar Asabar na ɗauki shatar a-daidaita-sahu. Wajen lodi na yi wauta ta biyu. Yaya ya ce tumatir mai tafiya ana tsinkarsa da sassafe tun yana ɗan kore-kore, ya ƙarasa nuna a gidan mai shi. Na ce a'a, mutanen birni ja suke so, a zaɓo mini wanda ya nuna luguf. Sannan da wuri ya ƙure, na ɗora buhun albasa a kai. Kafin mu iso Na'ibawa direba ya ce, "Malam, man motata ne ke zuba ko kayanka?" Na leƙa, ruwa ja-ja na ɗiga ta gindin kwando, ga tsami ya fara tashi. Na ƙasan ne ke fara fashewa, don haka saman yana nan kyakkyawa kamar ba abin da ya faru. Da na juye, kusan kashi ɗaya cikin uku ya riga ya markaɗa kansa ba tare da ya je inji ba.

Neman gidaje kuma, wata ta rubuta "kusa da masallaci". A Kano! Direba ya ƙara mini ₦2,000 na yawo, kuma ban sa kuɗin kai kaya a sanarwa ba, balle in karɓa a hannun kowa.

Da la'asar muka isa gidan biki. Hajiya ta sa samari huɗu majiya ƙarfi su fito sauke kaya, ga manyan tukwane an jera a tsakar gida. Na miƙa wa kowane saurayi kwandonsa, ya riƙe da hannu ɗaya. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, wannan na ɗanɗano ne? Ina kayan?"

Na fara bayani. Ta ɗauko waya, ta sa jikarta ta karanta mini sanarwata da ƙarfi a gaban mata. "Kwando" aka rubuta, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yankaba ya san abin da ake ce wa kwandon tumatir. Manya huɗu ₦36,000 ne a farashin gona. Bayan dogon ban haƙuri, da sa bakin limamin layinmu, aka daidaita a kan in kawo manya biyu da asuba, ragowar ₦8,000 daga aljihuna.

Sanarwar mako na biyu ta ninka ta farko tsawo: "Ƙaramin kwandon roba, ga hotonsa kusa da bokitin fenti, ₦2,500. Kuɗin kai kaya ₦500. Ana rufe karɓar saƙo ranar Alhamis da magariba. A rubuta unguwa, layi, launin ƙofa da wanda za a kira. Sai kuɗi sun shigo asusu ake lodi, hoton rasit bai isa ba." Tumatir kuwa ya koma saman albasa, kuma Yaya ke zaɓa.

Saƙon farko da ya shigo na Hajiya ne: "Ɗan nan, attaruhu kwano biyu. Kwanon awo ko kwanon sha?"