Yadda Za Ki Ari Hoton Hajiya Ku Rabu Lafiya

Washegarin Sallah ki buɗe Instagram, sai ga Hajiya ta caɓa ado cikin leshin da kika kwana uku kina jera wa duwatsu, har ta maƙala sunan shagonki a ƙasa. Yatsanki zai fara ƙaiƙayi. Ki zauna a kansa tukuna. Maƙala sunanki da ta yi yabo ne, kamar maƙwabciya ta ce miyarki ta yi daɗi, ba cewa ta yi ki shigo ki ɗauke mata tukunya ba.

Ki bi ta saƙon sirri, ki gaishe ta yadda ya kamata, sannan ki faɗi abin da ya kawo ki dalla-dalla: "Hajiya, barka da Sallah. Wallahi kayan nan sun karɓe ki. Kin yarda in sa hotonki na biyu, mai mayafi ruwan toka, a shafin shago? In sa sunanki ko in bari? In bar fuska ko in rufe?" Tambayar fuskar nan kada ki tsallake ta. Hajiya ta sa hoton ne don ƙawayenta da dangi, wataƙila ma shafinta a kulle yake, ke kuwa mabiyanki sun haɗa da direbobin tirela da surukanta. Idan Alhaji ya fara cin karo da fuskar matarsa a tallar shago, kin rasa ɗinkin gidan har na sunan jikoki.

In ta ce to, ki adana saƙon. In ta yi shiru, shirun nan a'a ne, ko da kin ga alamar ta karanta.

Sai mai hoto, wanda kowa ke mantawa da shi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, sai in an yi wata yarjejeniya. Leshin ɗinkinki ne, fuskar ta Hajiya ce, hoton kuma na yaron nan ne da ya durƙusa a rana yana cewa "a ɗan karkato". Shi ma ki tambaye shi. Tambarinsa da ke gefen hoton ki bar masa abinsa, kada ki yanke, kada ki liƙa naki a kai. Ki rubuta sunan shafinsa, da na Hajiya in ta yarda, a layin farko, inda ido zai gani, ba can ƙarƙashin tarin alamomi talatin ba. Mai kwalliya da mai ɗaurin ɗankwali ma in an san su a ambace su, ba kuɗi ake biya ba.

Ƙawar da ta leƙo ta bayan Hajiya tana dariya ba ta ba ki izini ba, a yanke ta cikin mutunci. Yara kuwa sai da yardar iyayensu.

Ranar da kika so biyan kuɗi a tallata hoton, ko ki buga shi a allon ƙofar shago, ki koma ki sake roƙo, wannan karon da ragin kuɗin ɗinki a hannu. In kuma wata rana ta ce ki cire, ki cire kafin ki tambayi dalili.